Cikin da Ke Ƙullewa Idan Hankali Ya Tashi: Yadda Za Ka Maido Shi Kan Hanya

Akwai mutanen da fargaba ke saka wa gudawa, kuma kowa ya san da su. Waɗanda ba a cika magana a kansu ba su ne waɗanda cikinsu ke tsayawa cak. Jarrabawa ta matso, ko bashi ya taso, ko an shiga rigimar gida, sai mutum ya kwana uku, huɗu, har biyar bai zaga ba. Ciki ya kumbura, abinci ya fita daga rai, in ya je banɗaki ya yi ta yunƙuri har idanunsa su yi ja, abin da zai fito bai wuce 'yan dunƙule masu tauri kamar kashin awaki ba. Da ya faɗa wa wani sai a ce basir ne, a haɗa shi da jiƙo. Ya sha, cikin ya murɗa ya wanke, bayan kwana uku ya koma gidan jiya.

Hanjin irin wannan mutum yawanci bai toshe ba, bai kuma lalace ba. Umarni yake bi. Idan ka gane daga inda umarnin ke fitowa, za ka ga dalilin da ya sa ƙara ƙarfin yunƙuri ke ƙara dagula lamarin.

Abin da ke faruwa a ciki

A jikin bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, su ne ke tsara matsawar da ke tura abinci gaba. Suna iya aikinsu su kaɗai, amma suna sauraren ƙwaƙwalwa ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ta lokacin natsuwa ce, babbar jijiyarta ita ce bagus, wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya da ƙirji ta sauka ciki, sai kuma jijiyoyin ƙugu da ke kula da ƙarshen babban hanji. Idan wannan hanya ce ke da rinjaye, hanji na motsi. Hanya ta biyu ta lokacin haɗari ce, wadda ke sa zuciya bugu da tafin hannu gumi. Ita kuwa rage wa hanji jini take yi, ta sassauta motsinsa, ta ɗaure ƙofofinsa, domin jikin da yake ganin gudu ya kama shi ba ya ɓata ƙarfi wajen narkar da tuwo. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta kare da ya biyo ka da tunanin kuɗin haya. Kare minti biyu ne, kuɗin haya kuwa yana iya kwana da kai wata guda.

Babban hanji aikinsa tsotse ruwa ne daga abin da ya rage. Duk kwanan da bahaya ta ƙara a cikinsa, ƙara bushewa take yi. Wannan shi ne rabin labarin.

Sauran rabin yana can ƙasa, kuma shi ne aka fi mantawa. Akwai wata tsoka da ta zagaye ƙarshen hanji kamar majanyi, tana jan sa gaba ta lanƙwasa shi don kada komai ya fita ba da izini ba. Kafin bahaya ta fita sai wannan tsoka da ta bakin dubura sun saki. Mutumin da ke cikin zulumi yakan ɗaure haƙora da kafaɗu bai sani ba, haka yake ɗaure wannan wurin ma. Sai ya tsuguna yana turowa daga sama alhali ƙofa na rufe daga ƙasa. Idan aka daɗe a haka jiki yakan koyi wannan kuskure ya zame masa ɗabi'a, ko da damuwar ta wuce.

Sannan saƙo ba daga sama kawai yake sauka ba. Mafi yawan zaruruwan jijiyar bagus labari suke kaiwa daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin da ya cika ya kumbura yana aika saƙon rashin daɗi, mutum ya ƙara takura, ya fara lissafin kwanakin da bai zaga ba, lissafin ya zama sabuwar damuwa. Shi ya sa tun 2016 ƙa'idojin da likitocin ciki suka fitar, waɗanda ake kira ƙa'idojin Rum na huɗu, suka sanya wa wannan rukunin matsaloli sunan tangarɗar mu'amala tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne.

Kafin komai, ka tabbata ba wani abu ba ne

Ba na so kowa ya ɗora wa damuwa abin da ba nata ba. Ka tafi asibiti kai tsaye, kada ka tsaya gwada dabarun da ke ƙasa, idan kana ganin jini a bahaya ko ta koma baƙa ƙirin, idan kana ramewa ba dalili, idan an ce jininka ya yi ƙasa, idan ka haura shekara 45 kuma sabon abu ne gare ka, ko wani a danginka na kusa ya yi kansar hanji. Idan kuwa ciki ya kumbura tim, ga amai, ga ciwo mai tsanani, ko tusa ba ta fita, wannan na gaggawa ne a daren, kuma kada a sha maganin wankin ciki.

Ka kuma duba abin da kake haɗiya. Tiramadol da kodin suna tsayar da hanji sosai. Ƙwayar ƙarin jini, maganin olsa mai sinadarin alminiyam, maganin murɗar ciki irin su hayosin, wasu magungunan mura masu sa barci, da amitiriftilin, duk suna busar da ciki. Juna biyu, ciwon suga da raunin aikin ƙululun wuya na tayiroid su ma suna kawo shi. Kada ka daina maganin da likita ya rubuta maka da kanka, ka koma ka gaya masa.

Mako na farko: rubutu kawai

Ka samu ƙaramin littafi. Kullum da dare ka rubuta abu huɗu: ko ka zaga da ƙarfe nawa, yaya kamanninta, ko ka ji matsuwa ka danne, da kuma nauyin damuwar ranar daga 0 zuwa 10. Don kamanni, akwai ma'aunin da aka fitar a birnin Bristol na Ingila a 1997, mai lamba 1 zuwa 7. Lamba 1 dunƙule ne warwatse masu tauri, 2 doguwa ce mai gudaji-gudaji, 3 da 4 su ne lafiyayyu, masu laushi da ke fita ba wahala, 6 da 7 kuma ruwa-ruwa ne. Abin nema shi ne 3 ko 4. Ba dole ne a zaga kullum ba: daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, in dai tana da laushi kuma ba a sha wuya. Mutane da yawa wannan bayanin kaɗai ke sauke musu rabin fargabarsu.

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. Ɗaliba ce 'yar shekara 24 a ajin ƙarshe, tana zaune a ɗakin kwanan ɗalibai. Lokacin hutu a gida tana zagawa kusan kullum. Da jarrabawa ta rage saura mako uku sai littafinta ya nuna sau biyu a cikin kwana bakwai, duka lamba 1. A kwana huɗu ta rubuta cewa ta ji matsuwa wajen ƙarfe 7 na safe amma ta danne, saboda layi a banɗaki kuma tana sauri. Ba ta karyawa sai ƙarfe 11, da biskit da lemon kwalba. Tana rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya tashe ta daga ɗakin karatu. Barcinta awa huɗu ne. Ga kuma ƙwayar ƙarin jini da ta saya da kanta a kemis don tana jin kasala. Babu ko ɗaya daga alamomin haɗari. Dubi yadda damuwa ta shigo ta ƙofa biyu: ta jijiya, da kuma ta sauya mata tsarin rana.

Mataki mafi nauyi: ƙwato safiya

In da abu ɗaya kaɗai zan ba mutum, wannan ne. Babban hanji yana kwanciya da dare, ya farka da ƙarfi idan ka tashi daga barci, ya ƙara wani yunƙurin idan abinci ya shiga tumbi. Idan aka haɗa biyun, wato tashi da karin kumallo, ana samun turawa mafi ƙarfi a duk yinin, yawanci cikin minti 15 zuwa 45 bayan cin abinci. Mai damuwa wannan damar yake zubarwa kullum: ya tashi a firgice, ya tsallake karyawa, matsuwa ta zo yana kan hanya ya danne. Idan aka danne, jin yakan lafa, bahayar ta zauna tana bushewa, kuma in aka saba yi ƙarshen hanji yakan daina kiran mutum da ƙarfi.

Ga yadda ake tsara ta. Ka tashi minti 30 kafin lokacin da ka saba. Bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau, don gari shiru kuma banɗaki ba layi. Ka sha kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi. Ka ci abinci na gaske, kamar koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗumamen tuwo, domin abinci mai ɗan maiƙo da auki ya fi tayar da hanji a kan shayi tsura. Ka ɗan taka na minti 10, ko shara ce ko zagayen tsakar gida. Bayan kamar minti 20 da gama ci ka shiga banɗaki, ko ka ji matsuwa ko ba ka ji ba. Ka bar waya a ɗaki.

Zama yana da tasiri. Tsuguno yana miƙar da lanƙwasar nan ta ƙarshen hanji, don haka mai masai na tsuguno ya riga ya samu wannan. Mai na zama ya sa ƙaramar kujera 'yar tsuguno ko bulo mai tsayin santimita 15 zuwa 20 a ƙarƙashin ƙafafu, gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo, ya sunkuya gaba ya dafa gwiwar hannu a cinya.

Yanzu wurin da ake kuskure. Kada ka riƙe numfashi ka danna ƙasa. Ka ja iska ta hanci har cikinka ya taso, ka bar shi a sake, ya faɗaɗa gaba da gefe kamar tulu. Sai ka fitar da iskar ta baki a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, kana barin cikin a buɗe, ba ka tsuke shi ba. Ka saki muƙamuƙi, ka saki kafaɗu, ka kai hankalinka bakin dubura ka sake shi kamar za ka saki iska. Turawar da ake so mai taushi ce, kuma tana tafiya tare da fitar numfashi. Idan fuskarka ta ɗau zafi ko jijiyar wuyanka ta tashi, ka koma tsohon yayi, ka tsaya ka sake farawa. Minti 5, iyaka 10. In ba ta zo ba ka tashi ka kama harkarka, ba faɗuwa ka yi ba. A makon farko sau da yawa babu abin da ke fitowa, horo ake yi wa jiki ya gane lokaci. Doguwar zama da yunƙuri su ne ke jawo basir na ainihi da tsagewar dubura, ita kuma tsagewar zafinta ke sa a ƙara ɗaurewa.

Doka ta biyu mai sauƙin faɗa ce: duk lokacin da matsuwa ta zo da rana, ka amsa cikin 'yan mintuna. Ɗalibar nan sai da ta nemo banɗaki mai tsabta kusa da ɗakin karatu, ta riƙa yawo da 'yar butarta da sabulu a jaka. Ƙyama da kunya ba ƙananan dalilai ba ne, musamman ga mata, ga baƙo, ga amarya a gidan da ba ta saba ba, kuma gara a yi musu dabara da a yi kamar babu su.

Saukar da jiki daga shirin gudu

Ba za ka iya umartar hanji ya motsa ba, amma numfashi yana hannunka, kuma ta nan ake taɓa hanyar natsuwa. Ka kwanta rigingine ko ka jingina, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a cibiya. Ja iska kana ƙirga huɗu, hannun cibiya ne zai taso, na ƙirji ya zauna. Fitar kana ƙirga shida. Hakan na ba da numfashi shida a minti. Ka yi minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana: da safe kafin karyawa, da dare kafin barci. Idan ka ji jiri, kana ja da yawa ne, ka rage zurfin. Amfaninsa na fitowa ne da maimaitawa na makonni, ba ranar da ciki ya riga ya ƙulle ba.

Bayan numfashin dare kana iya shafa cikin minti 5 da ɗan mai, kana bin hanyar babban hanji: daga mara ta dama ka hau zuwa ƙasan haƙarƙari, ka tsallaka hagu, ka gangara. Matsawa mai taushi. Mai juna biyu ko wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan ya bar wannan.

Ita kanta damuwar tana son a ba ta wuri. Ka ware minti 15 da yamma, ba dab da barci ba, ka rubuta abin da ke cin ka, kowanne da ƙaramin matakin da za ka iya ɗauka gobe. Idan tunanin ya taso maka da tsakar dare ka ce masa an rubuta. Ɗalibar ta mayar da barcinta awa shida da rabi, ta daina shan shayi mai kauri bayan la'asar, ta ƙara tafiyar minti 20 da yamma. A ganina barcin nan ya yi mata aikin da ya kai na kowane magani.

Abinci da magani, a taƙaice

Baligi na buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 na faiba a rana, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kusan giram 11. Masu yauƙi da laushi, irin su kuɓewa, kuka, gwanda da mangwaro, sun fi yi wa cikin mai damuwa daɗi a kan dusa mai kaushi, wadda kan ƙara kumburi. Ka ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, in ka tula lokaci guda iska za ta dame ka. Ruwa kuwa, ka sha har fitsari ya zama fari-fari. Wanda yake sha isasshe, ƙari a kai ba ya warkar da cushewa.

Idan an riga an kwana huɗu ko biyar kuma ta yi tauri, faiba kaɗai ba ta isa ba, sai an fara tausasa abin da ya taru. Masu jawo ruwa cikin hanji su ne na farko: makrogol, ƙunshi ɗaya a narke a rabin kofin ruwa kullum, ko laktulos mililita 15 sau biyu a rana ga baligi. Suna ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, kuma laktulos na sa iska. Masu zaburar da hanji, irin su sena da bisakodil, ana shan su da dare su yi aiki da safe, don ceto na 'yan kwanaki. Filasko da ke cikin jiƙe-jiƙen basir da yawa dangin sena ne, sai dai a jiƙo ba ka san adadin da ka sha ba. Kuma ka san wannan: bayan an wanke ciki tas, daidai ne a yi kwana biyu ko uku ba a zaga ba, domin babu abin da zai fito. Rashin sanin haka ke sa mutum ya ɗauka ya sake ƙullewa ya ƙara sha.

Ɗalibar ta je asibitin makaranta aka auna jininta, aka ga bai yi ƙasa ba, aka ce ta ajiye ƙwayar. Ta sha laktulos kwana biyar ta rage ta daina. A mako na biyu ta zaga sau uku, lamba 2 da 3. A mako na huɗu, ana tsakiyar jarrabawa, sau biyar, yawanci lamba 4, duk da cewa damuwarta a littafi tana nan a 7. Ranar takarda mafi wuya da washegari ba ta zaga ba, ba ta kuma sha komai ba, rana ta uku ta zo da kanta bayan koko.

Idan an yi mako shida ba canji

Littafinka zai nuna inda matsalar take. Idan bahayar ta yi laushi amma har yanzu ba ta fita sai da dogon yunƙuri, kana jin kamar akwai abin da ya tare, ko ba ka gama ba, ko sai ka sa yatsa ka taimaka, to ƙofar ce ba ta saki. Ƙarin maganin wankin ciki ba zai gyara wannan ba. Likitan ciki na iya ganewa da gwajin yatsa yana cewa ka tura, wani lokaci da gwajin fitar da 'yar balan-balan mai ruwa. Maganinsa horo ne da ake kira bayofidbak, inda na'ura ke nuna maka lokacin da tsokar ta ɗaure da lokacin da ta saki har ka koya, ko kuma aiki da likitan gashi da motsa jiki wanda ya san tsokokin ƙugu. A manyan asibitocin koyarwa ya kamata a fara tambaya.

Idan kuwa ciwon ciki ne ya fi damunka, yana zuwa aƙalla sau ɗaya a mako tsawon wata uku, yana da alaƙa da zagawa ko sauyin kamannin bahaya, wataƙila abin da likita zai rubuta IBS ne a kati, wato ciwon hanji mai saurin harzuƙa, nau'in mai cushewa. A nan jijiyoyin hanji sun zama masu saurin jin zafi, kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, irin wanda ake koyon sauya tunani da ɗabi'a, yana cikin magungunan da aka gwada aka ga amfaninsu.

Idan damuwar ce ta fi ƙarfinka, ba barci, zuciya na bugu ba dalili, ka daina jin daɗin komai fiye da mako biyu, ko tunanin cutar da kanka na zuwa maka, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jiran ciki ya gyaru ba. Lokacin da zai rubuta magani ka gaya masa kana fama da cushewar ciki, domin wasu magungunan damuwa irin su amitiriftilin suna ƙara ta, wasu kuma ba sa yi, kuma yana da zaɓi. Ka tafi masa da littafin nan naka.